Jawabin ma'aji kan rahoton odita a taron ƙungiyarmu na shekara a Yamai

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan Najeriya mazauna Yamai, barkanmu da haɗuwa.

Tun da rahoton odita ya fito nake jin ana cewa an wanke kwamiti. Ni ma ɗan kwamitin ne, maganar ta yi mini daɗi, amma ba haka takardar ta ce ba.

Shi odita baƙo muka ɗauko, ba ɗan ƙungiya ba, mai rajista a ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Nijar. Lissafin mu muka rubuta shi. Aikinsa ya duba, ya faɗi ra'ayinsa. Ra'ayin da ya bayar shi ne marar togaciya, wanda ƙa'idar ISA 700 ta tsara. Ma'anarsa ya samu isasshiyar hujja cewa babu kuskuren da girmansa zai sa mai karatu ya canza shawara. Da ya samu irin wannan kuskuren, ko muka hana shi takardu, da ya sa togaciya, ko ya ce lissafin bai inganta ba, ko ya ƙi bayar da ra'ayi gaba ɗaya.

To, mene ne babban kuskure? Bara sefa miliyan 24 suka shigo asusunmu. Ya ja layinsa a kashi 1 cikin 100, wato jika 240. Kurakuran da jimillarsu ba ta kai nan ba, sai ya rubuto wa kwamiti a gyara, ra'ayinsa yana nan yadda yake. Rasit 600 muka miƙa masa, ya zaɓi 60, manya da wasu na kan mai uwa da wabi. Kamar mai sayen gero ne a Katako, ba ya zazzage kowane buhu. Sannan ya rubuta wa banki da kansa suka tabbatar masa da abin da ke asusu.

Inda nake so mu natsu shi ne kuɗin hannu. Idan aka karɓi jika 5 daga hannunki, Hajiya, ba a yanka rasit ba, ba a sa a littafi ba, odita zai sha wuya ya gano, domin abin da ba a rubuta ba ba ya barin sawu. Haka idan mutum biyu suka haɗa baki da mai shago aka buga rasit na bogi. Yana sa ido a kan zamba, amma bai ɗauki alkawarin kama kowace ba. Bai kuma ce tabarmin da muka saya ba su yi tsada ba, ko asusun zai kai mu baɗi lafiya.

Littafin karɓar kuɗi yana kan teburin sakatare. Kafin a tashi, kowa ya fito da rasit ɗinsa ya gwada lambarsa da adadinsa da abin da ke ciki. Wanda bai ga nasa ba ya sanar da shugaba, ba ni ba.

Wassalamu alaikum.