Amsoshin Tambayoyinku: Maganin ɗigawa na ido da na kunne

"Assalamu alaikum likita, Baba ne ke da hawan jinin ido aka bashi kwalba biyu na ɗigawa, ni ke sa mashi amma rabi a kumatu yake ƙarewa, sai in ƙara ɗigo ukku ko huɗu don in tabbatar ya shiga, kuma yana cewa yana jin ɗaci a maƙoshi. Dan Allah ya ake yi? Hadiza, Ƙofar Marusa."

Wa'alaikumus salam Malama Hadiza, Allah ya ba Baba lafiya ya saka maki da alheri. To kinga abu na farko ki rage ki koma ɗigo ɗaya tak, ido ko ɗigo ɗayan nan baya iya riƙe shi duka, kamar ki cika cokali ne ki ci gaba da zuba mashi ruwa, duk abinda ya biyo baya ƙasa zai yi. Kuɗinku ne ke bin kumatu, kuma kwalbar da ya kamata ta kai wata sai ta ƙare a kwana goma, Baba ya zauna ba magani kafin a samu kuɗin wata, alhali hawan jinin ido ba ciwon da ake tsallake ma kwana bane, ganin da ya tafi baya dawowa.

Ki wanke hannu da sabulu tukunna. In akwai kwantsa ki goge da tsabtataccen ƙyalle da ruwan da aka tafasa ya huce. Ga tsoho yafi sauƙi ya kwanta rigingine bisa tabarma ko ya jingina kai baya ya kalli rufin ɗaki, ke kuma ki sa yatsa ɗaya ki ja fatar idon ta ƙasa a hankali, zaki ga ta yi ɗan aljihu ja tsakaninta da ƙwayar idon, to nan cikin aljihun ake ɗigawa ba bisa baƙin ido ba, don in ya faɗo bisa baƙin nan dole mutum ya ƙifta da ƙarfi ya watso shi waje. In hannunki na rawa ki ɗora gefen hannun da ke riƙe da kwalbar bisa goshinshi ki samu madogara. Kuma bakin kwalbar kar ya taɓa ido, kar ya taɓa gashin ido, kar ya taɓa yatsanki, ki barshi sama kamar faɗin yatsa biyu.

Ɗacin da yake ji a maƙoshi kuwa akwai wata 'yar ƙofa a lungun ido ta wajen hanci, ita ke kwashe hawaye ta zuba cikin hanci, shi yasa in mutum yayi kuka hancinshi ke zuba. Maganin ma nan yake bi ya sauka maƙoshi. Da an ɗiga sai Baba ya rufe ido a hankali, ba runtsewa ba ba ƙifce-ƙifce ba, ya sa yatsa ya ɗan danna lungun nan na wajen karan hanci na minti ɗaya zuwa biyu. Wannan ba don ɗacin kaɗai bane. Cikin magungunan hawan jinin ido akwai wanda ake kira timolol, in yana sulalewa ta hanci yana shiga jini, yana iya rage bugun zuciya kuma yana iya tada ma mai asma ciwonshi, don haka in Baba na da asma ko ciwon zuciya, ko kika ga ya fara nishi sama-sama ko jiri tun da aka fara maganin, ki koma wurin likitan da ya rubuta da kwalaben a hannu ki faɗa mashi kar a jira ranar da aka baku.

Kwalba biyun nan kuma ba a jera su lokaci guda. Ki sa na farko ki duba agogon waya minti biyar su wuce sannan na biyu, in ba haka ba na biyun wanke na farkon kawai zai yi. In akwai na shafawa mai maiƙo shi ne ƙarshe kullum, don in ya riga shiga ruwan ba zai ratsa shi ba. Wanda kika ga fari-fari kamar madara a girgiza shi kafin a ɗiga. In kin tabbata ɗigon bai shiga ba gaba ɗaya kumatu ya sauka, to ki sake ɗaya, ɗaya dai.

Sai saƙo na biyu. "Malam, bara 'yata ta yi afolo muka siya magani a kemis ta warke, saura da yawa a kwalbar kuma kwanan watan da ke jiki sai baɗi zai ƙare. Yanzu ƙaninta idonshi ya yi ja, zan iya sa mashi? Musa daga Daura."

A'a Malam Musa, dan Allah jefar da ita yau ɗin nan. Kwanan watan da kamfani ya buga na kwalbar da ba a fasa ba ne, ranar da ka murɗe marfin lissafi ya canza, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kwana 28, sati huɗu, sai fa in takardar cikin kwalin ta faɗi wani abu daban. Dalili kuwa akwai sinadarin da ake sawa ciki yana hana ƙwayoyin cuta girma, amma kullum aka buɗe iska na shiga, ƙurar hunturun nan tamu na shiga, bakin kwalba ya goga gashin idon mai ciwo, har abun yafi ƙarfin sinadarin, kuma ruwan zai iya zama garau a ido alhali ya gurɓata. In ma ya canza kala ko ya yi gurɓi-gurɓi ko ka ga ɓawo a bakin kwalbar ai wannan ko kwana 28 ɗin basu cika ba ya tashi daga aiki.

Na san abinda ke sa mutane jin zafin zubarwa, bari mu lissafa. Kwalba mai mililita 10 tana da ɗigo wajen 200 ko fiye. In an ce sau huɗu a rana ido biyu, ɗigo 8 kenan kullum, kwana bakwai ya kama 56, kaga ko kashi ɗaya cikin ukku ba a taɓa ba. Saura dole ne ya rage, ba alama bace cewa a ajiye ma wani. Abinda nake so kowa ya saba dashi, ranar da ka buɗe ka ɗauki biro ka rubuta a jikin kwalin, in ka buɗe 3 ga Maris ka rubuta 31 ga Maris a zubar. Malama Hadiza ke ma wannan ya shafe ki, har kwalaben Baba. Akwai kuma 'yan ƙanana na roba da ake karya kai a yi amfani sau ɗaya, su babu wancan sinadarin ciki, da an ɗiga a jefar.

Kuma ko kwalbar sabuwa ce ba a raba ta tsakanin mutum biyu, afolo ta haka yake zagaye gida. Bayan haka ba kowane jan ido bane afolo. Wasu magungunan kemis akwai siteroyid ciki irin su dekzametazon, suna kashe ja da ƙaiƙayi nan da nan mutum ya ji daɗi, amma in gyambo ne a baƙin idon ƙara rura shi suke, kuma in aka daɗe ana sawa suna iya kawo hawan jinin ido har ga yaro. In yaron baya iya kallon haske, ko yana kukan zafi sosai, ko ka ga farin tabo bisa baƙin idon, ko ganinshi ya ragu, asibiti yau ba gobe ba. Nono da ruwan sukari da ruwan albasa duk kar su kusanci idon nan.

Wajen ajiya a duba kwali. Na kuloramfenikol, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, da yawa firji suke so, firji ɗin ma ba wurin ƙanƙara ba. Sauran galibi ana cewa kar zafi ya wuce digiri 25 ko 30, mu kuwa a Afrilu muna haura 40, to kar a barshi a aljihun riga ko cikin mota ko bakin taga. In ba wuta a ɗaure shi cikin leda ruwa kar ya shiga a ajiye gindin randa wurin yashin nan mai sanyi, in kuma na firji ne dole a faɗa ma mai bada maganin tun a can ko yana da wanda ke jure zafi.

Na ƙarshe daga Maman Abba, Sabuwar Unguwa: "Yarona ɗan shekara biyu kunnenshi na ruwa, an bamu na ɗigawa amma da na sa sai ya yi ta ihu kuma ya dawo waje."

Maman Abba sannu da fama. Ihun nan sau da yawa sanyin maganin ne, ruwa mai sanyi in ya shiga kunne yana kawo juwa har babba ma, ki damƙe kwalbar cikin tafin hannu na 'yan mintuna ta ɗauki ɗumin jiki, banda ɗorawa kusa da murhu ko tsomawa ruwan zafi. Dawowa wajen kuma ruwan kunnen ne ya toshe hanya, ki naɗe tishu mai tsabta siriri ki sa a bakin kunnen ya tsotse, ki canza har ya fito a bushe, ba tsinken auduga ba, ba ashana ba, ba gashin kaza ba.

Ki kwantar dashi bisa cinyarki kunnen mai ciwo na kallon sama. Yaron da bai kai shekara ukku ba ƙasa da baya ake jan kunnen, wanda ya wuce haka da manya sama da baya, jan nan shi ke miƙar da hanyar maganin ya gangara. Ki ɗiga yawan da aka rubuta a gefen ramin ya silala ciki, sai ki ɗan daddanna 'yar tsokar nan da ke gaban ramin kunne sau kaɗan, ya zauna a kwance haka minti ukku zuwa biyar, ki bashi nono ko wani abun wasa ya lafa. Abinda ya fito bayan ya tashi ki goge kawai kar ki cusa auduga ki toshe.

Amma akwai abinda nake so ki tabbatar. Kunnen yaro da ke zubar ruwa sau da yawa dodon kunnen ne ya huje, kuma akwai magunguna irin jentamaisin da niyomaisin da in suka bi ta hujin suka kai can ciki suna iya taɓa ji. In wanda ya baki maganin bai haska cikin kunnen ya duba ba, ki kai shi asibiti da kwalbar a duba kafin ki ci gaba. In bayan kunnen ya kumbura, ko zazzaɓi mai zafi, ko wuyanshi ya sanƙare, ko kwanakin maganin sun ƙare ruwan bai tsaya ba, a koma da sauri. Na kunnen shi ma ki rubuta ranar buɗewa ki bashi kwana 28 in takardarshi bata ce wani abu ba, kuma ki ware shi nesa da na ido don kwalaben suna kama da juna, wanda aka yi don kunne kaɗai baya shiga ido ko da wasa.