Sabuwar masana'anta ko gyaran tsohuwa? Yadda ake lissafin a bishiyar yanke shawara

Wani kamfani ya fito da sabon kaya, kuma hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya gina sabuwar masana'anta da jarin miliyan 50, ko kuma ya gyara wadda yake da ita da miliyan 15. Ku ɗauki lissafin da kowane irin kuɗi kuke so, sakamakon ɗaya ne. Damuwar kamfanin ita ce bai san yadda kasuwa za ta karɓi kayan ba, kuma dole ya zuba jarin tun kafin ya sani.

Bari mu zana bishiyar yanke shawara, wato zanen da ke nuna kowane zaɓi da abin da zai iya biyo bayansa. A gefen hagu na allo ga ɗan akwati mai kusurwa huɗu. Duk inda kuka ga akwati a wannan bishiya, wuri ne da mutum ke zaɓi da kansa. Reshe biyu sun fito daga cikinsa, na sama gini, na ƙasa gyara. A ƙarshen kowane reshe sai mu sa da'ira. Ita da'ira alama ce ta abin da ba ya hannun kamfani, a nan kuwa kasuwa ce. Daga kowace da'ira reshe biyu za su sake fita: kasuwa ta yi kyau, ko kasuwa ta yi sanyi. Masu binciken kasuwa na kamfanin sun ƙiyasta cewa yiwuwar ta yi kyau kashi 60 ne cikin 100, ta yi sanyi kuma kashi 40. Ku lura, idan aka haɗa rassan da suka fito daga da'ira ɗaya dole su cika 100. In ba su cika ba, akwai abin da zai iya faruwa da aka manta.

Yanzu kuɗi. Idan aka gina sabuwa kuma kasuwa ta yi kyau, za a samu miliyan 110. A cire jarin 50, saura riba 60. Idan kasuwa ta yi sanyi, abin da zai shigo miliyan 20 ne kacal, ke nan an yi asarar 30. Ita kuwa tsohuwar da aka gyara ba za ta iya fitar da kaya da yawa ba. A kasuwa mai kyau za ta kawo 40, a cire 15, saura 25. A mai sanyi za ta kawo 25, saura 10.

Wannan cire jarin shi ne inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Sai ka ga an rubuta 110 da 40 a ƙarshen rassa an manta abin da aka kashe kafin a kai can, nan take babban aiki ya yi kyan da ba shi da shi. Haka kuma, kuɗin da aka riga aka kashe kafin yau, misali na ƙirƙiro kayan, ba ya shiga bishiyar ko kaɗan, domin ko wane reshe aka bi ba zai dawo ba.

An zana bishiya daga hagu zuwa dama, amma lissafi daga dama yake dawowa hagu. A kowace da'ira za mu ninka kowane sakamako da yiwuwarsa, sannan mu haɗa. Abin da ya fito shi ne matsakaicin kuɗin da ake tsammani, wanda a Turance ake taƙaita sunansa da EMV.

Reshen gini: kashi 60 na riba 60 ya ba mu 36. Kashi 40 na asarar 30 ya ba mu asarar 12. A cire 12 daga 36, saura 24. Reshen gyara: kashi 60 na 25 shi ne 15, kashi 40 na 10 shi ne 4, jimilla 19. Mun dawo akwatin farko, 24 a sama, 19 a ƙasa. A lissafi, gini ya yi gaba da miliyan 5, don haka sai a soke reshen gyara da gajerun layuka biyu.

A nan yawancin bayanai ke tsayawa, ni kuwa a ganina a nan ne aikin ya fara.

Ku sake duba reshen gini da kyau. Ina miliyan 24 a cikinsa? Babu. Kamfanin ko dai ya ci 60 ko ya faɗi 30. Ita 24 abin da zai samu ne a matsakaici da a ce zai yi irin wannan zaɓi sau ɗari: wajen sau 60 ya ci, wajen sau 40 ya faɗi, a raba abin da ya rage. Masana'anta kuwa sau ɗaya ake gina ta.

Sannan wannan kashi 60 da duk lissafin ya dogara da shi, ƙiyasi ne na mutane. To me zai faru idan sun ɗan yi kuskure? Mu mayar da shi rabi da rabi. Gini zai zama 30 a cire 15, wato 15. Gyara zai zama 12.5 a haɗa da 5, wato 17.5. Kun gani, zaɓin ya juya. Idan kuka bi a hankali tsakanin 50 da 60, za ku tarar rassan biyu suna yin kunnen doki a wajen kashi 53. Sama da haka gini ne a gaba, ƙasa da haka gyara ne. Wannan 53 ta fi 24 amfani ga mai yanke shawara, domin ta sauƙaƙa masa tambayar da zai yi wa masu bincikensa. Ba ya bukatar su tabbatar masa cewa 60 ce daidai. Abin da yake so ya ji shi ne, shin suna da ƙwaƙƙwarar hujja cewa yiwuwar ta haura 53? Idan ƙiyasin nasu ya fito daga cinikin irin wannan kaya na shekarun baya, akwai abin riƙewa. Idan kuwa ya fito daga bakin wanda ya kawo shawarar ginin kuma yake ɗokin a yi, tazarar kashi 7 ba ta da faɗin da za a ɗora mata miliyan 50.

Saura abu ɗaya da lissafin ba ya gani, wato ƙarfin aljihun kamfanin. Tun 1738 masanin lissafi Daniel Bernoulli ya nuna cewa kuɗi ɗaya ba nauyinsu ɗaya ba a wurin mai yawa da mai kaɗan. Babban kamfani da ke yanke irin wannan shawara sau da dama a shekara zai iya bin 24 hankali kwance, domin faɗuwar wani aikin riba a wani za ta rufe ta. Amma ku ɗauki kamfanin da asarar da zai iya jurewa ba ta wuce miliyan 20 ba, kuma rabin jarin ginin bashi ne. A wurinsa asarar 30 na nufin rufe ƙofa, ma'aikata su tafi gida, kuma yiwuwar hakan kashi 40 ne, wato sau 2 cikin 5. Reshen gyara kuwa mafi muninsa riba ce ta miliyan 10. Irin wannan kamfani, idan ya zaɓi gyara, ya haƙura da miliyan 5 ne a matsakaicin lissafi don kada ya shiga reshen da ba zai iya fita daga cikinsa ba, kuma ni zan goyi bayansa.

Saboda haka kafin ku ninka komai, ku bi ƙarshen rassan ɗaya bayan ɗaya ku sa alama a kan duk asarar da ta fi ƙarfin kamfanin. Zaɓin da ke ɗauke da irin wannan asara a ajiye shi gefe, ko a nemi abokin tarayya da zai ɗauki rabin jarin, sannan a sake zana bishiyar da sababbin alƙaluman.