Shuɗin Allo: Yadda Ake Karanta Stop Code Kafin a Taɓa Kwamfuta

(Laccar da wani malamin gyaran kwamfuta ya gabatar wa ɗalibai a Samaru, Zariya, kamar yadda aka rubuto ta daga rikodin.)

Assalamu alaikum. Na gaban nan ku ɗan gyara zama, na baya su ga allo.

Duk wanda ya kawo mini kwamfuta ya ce ta yi shuɗin allo, sai na tambaye shi, me ta rubuta? Amsar kullum ɗaya ce: "Wallahi Malam ban duba ba." To ai nan maganar take. Windows ba ta faɗuwa haka kawai. Idan ta ga kuskuren da zai iya lalata bayanai, ita ke tsayar da kanta, ta rubuta dalili a ƙasan allo. Layi biyu za ku nema: Stop code, wato sunan kuskuren, da What failed, sunan fayil ɗin da aka kama a wurin, kodayake shi ba kullum yake fitowa ba. Ku ɗauki hotonsu da waya. Idan tana saurin sake tashi, ku buɗe sysdm.cpl, ku shiga Advanced, sai Settings na ƙarƙashin Startup and Recovery, ku cire alamar Automatically restart.

Sunan kuskuren unguwa yake nuna maka, ba gida ba. Kamar a ce maka mutum yana Tudun Wada, sauran aikin naka ne.

Misali, VIDEO_TDR_FAILURE tare da nvlddmkm.sys. Wannan ya kusa kai ka ƙofar gida: direban hoto na NVIDIA ne ya daina amsawa, Windows ta yi ƙoƙarin farfaɗo da shi ta kasa. Direba a nan 'yar manhaja ce da ke tsakanin Windows da wani sashen na'ura. Idan suna ɗaya da fayil ɗaya suke ta maimaituwa, ka mayar da tsohon direban ko ka sa sabo. Idan kuma sai an yi aiki mai nauyi take faɗuwa, ka duba fanka, don ƙurar hunturun Zariya ba ta raga wa kowa.

Amma ga wadda ta fi koya mini darasi. Wata ɗaliba ta kawo laftof ana saura mako biyu ta miƙa furojet. A Litinin ta ga MEMORY_MANAGEMENT, Laraba IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, Alhamis kuma PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA. Har an sake zuba mata Windows a wani shago, ba ta canza zani ba. Na buɗe Event Viewer, ɓangaren System, na nemo Event ID 1001, inda ake ajiye lambar kowace faɗuwa. Na samu 0x1A, 0xA da 0x50. Na ɗauko fayilolin C:\Windows\Minidump, inda Windows ke ajiye bayanin faɗuwa, na buɗe su a WinDbg, manhajar Microsoft mai karanta su, na rubuta:

```
!analyze -v
```

Biyu suka nuna ntoskrnl.exe. Kada wannan suna ya ruɗe ku. Shi ne zuciyar Windows, kusan komai ta hannunsa yake bi, shi ya sa ake yawan samunsa a wurin da abu ya faru, amma da wuya ya zama mai laifin.

To ku lura. Sunaye uku daban-daban, duk suna magana a kan ma'adanar aiki, wato ram, babu direba ɗaya da ya maimaitu, kuma sabuwar Windows ba ta warkar ba. Direba mai matsala yakan yi tuntuɓe a wuri ɗaya. Ram mai matsala kuwa duk wanda ya ajiye kaya a gurbin da ya lalace shi zai faɗi, yau wannan, gobe wancan. Na ce mata, "Malama, me aka ƙara wa na'urar nan kwanan nan?" Ta ce an sa mata ram na gwanjo mai giga 8 a kan giga 4 na asali. Na kunna mdsched.exe, mai gwajin ram na Windows, ya ba da rahoton matsala. Muka zare sabon, muka sake gwaji, shiru. Ta yi mako guda a kan giga 4 ba faɗuwa. Sai dai gwajin nan yakan tsallake ƙaramin lahani, don haka ko ya ce lafiya, ku gwada zare ram ɗin ɗaya bayan ɗaya.

(Wani ɗalibi: Allah gafarta Malam, ni Kernel-Power 41 nake gani a Event Viewer. Wane direba ne?)

Babu ko ɗaya, ɗana. Lamba 41 cewa kawai take yi kwamfuta ta mutu ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba. Ka buɗe ta ka duba BugcheckCode. Idan 0 ne, ba a rubuta wani Stop code ba, sai ka fara da batir, caja, ko ɗaukewar wuta. Idan akwai lamba, da lissafin goma-goma aka rubuta ta: 209 shi ne 0xD1, wato DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, kuma a nan ne za ka nemi direba. Taka tebur ce ko laftof?

(Ta tebur ce, Malam, kuma da janareto muke aiki.)

To gobe ka zo mini da hoton BugcheckCode ɗin, mu gani.