Kafin Ka Biya Kuɗin Haya a Legas, Je Ka Ga Layin da Dare

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bayani na wanda ya sauka Legas ne bai san gari ba, ejan, wato dillalin gidaje, ya nuna masa ɗaki, ana ta matsa masa da cewa akwai wani da zai biya gobe in bai hanzarta ba.

Abin da baƙi suka fi tambaya shi ne, shin Agege lafiya ce? Ketu fa? Mushin fa? Wannan tambaya ba za ta kai ka ko'ina ba. Agege kaɗai gari ce guda. A cikinta akwai layin da za ka bar babur a ƙofar gida ya kwana, akwai kuma layin da ba ka isa ka fito da waya bayan isha'i ba, kuma wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafiyar minti biyar ba. Saboda haka abin da za ka auna shi ne layin da gidan yake, da hanyar da ƙafarka za ta riƙa bi daga tashar mota zuwa ƙofar ɗaki, a daidai lokacin da za ka riƙa bin ta.

Mu ɗauki misali. A ce wani ɗan'uwa ya zo daga Kano, ya samu aikin shago a Ikeja, yana tashi ƙarfe tara na dare. An nuna masa ɗaki a ɓangaren Agege da ƙarfe sha biyu na rana. Rana ta take, yara na dawowa daga makaranta, mata na soya a bakin titi, komai lafiya lau. To ai shi ba da rana zai zauna a layin ba. Idan ya tashi tara, ya sha cunkoso, ba zai sauka daga danfo, wato bas ɗin haya na Legas, ba sai wajen goma ko goma da rabi. Wannan shi ne lokacin da ya kamata ya koma ya ga wurin, ba tare da ejan ba, amma ya tafi da abokin tafiya, ya bar babbar waya a masauki.

Da ya sauka a tasha, sai ya fara duba abin hawa. Akwai keke mai shiga ciki a wannan lokaci, ko sun tashi? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun shekarar 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa, daga baya ta ƙara da su Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Wanda ya saba a gida da zarar ya sauka mota ya tare ɗan acaɓa, a nan yana iya samun kansa yana takawa. Idan ka tambayi mai keke ya kai ka layi kaza ya girgiza kai ya ce ba ya shiga da dare, ko ya ninka kuɗi, to ya riga ya ba ka labari. Su masu keke sun san inda ake tare su.

Sai ya taka hanyar da ƙafa, ya duba agogo. Minti nawa ne? A cikin waɗannan mintuna, ina ne hasken ya yanke? Layin da mai shayi ke zaune, mai tsire na hura wuta, kemis a buɗe, mata na wucewa su kaɗai ba sa waige, wannan layi yana da ido a kansa. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda kowa ya rufe shago tun takwas, ba don rashin ciniki ba. Ka lura da wuraren da ba makawa sai ka ratsa su: ƙarƙashin gada, gefen layin dogo, kangon gini, gadar katako da aka ɗora a kan babban kwalbati, ko lungun da samari ke zaune warin wiwi na tashi. Idan hanya ɗaya ce tak zuwa gidan kuma ta nan ta bi, to arhar ɗakin ba ta da amfani.

Yanzu ƙofar layi. Layuka da yawa a Legas suna da get, kuma ƙungiyar mazauna unguwa ce ke kula da shi, wadda za ka ga an rubuta CDA a allo a bakin layi. Su ke karɓar kuɗin tsaro duk wata, su ɗauki masu gadi, wasu wuraren 'yan ƙungiyar Yarabawa ta OPC, wasu wuraren kuma 'yan'uwanmu ne 'yan Arewa. Ƙa'idar gwamnati ita ce get ya kasance a buɗe daga biyar na asuba zuwa sha biyun dare, kuma in an rufe a samu mai tsaronsa. Amma a zahiri wasu layukan sha ɗaya ta yi sun datse, mai mabuɗi ya tafi ya kwanta. Ga wanda ke dawowa a makare, ko mai fita kasuwar Mile 12 tun kafin asuba, wannan get ɗin da aka yi don tsaro shi zai bar shi tsaye a waje cikin duhu. Kuma ka yi tunanin ranar da matarka za ta fara naƙuda ƙarfe biyun dare. Don haka ka tambaya ƙarfe nawa ake rufewa, wa ke riƙe mabuɗi, yana kwana a wurin ko a'a, kuma nawa ake biya a wata.

Wa za ka tambaya? Ejan dai kuɗin kwamishonsa yake jira, mai gida kuma ɗakinsa yake so ya cika. Mu Hausawa muna da wata dama a Legas da ba kowane baƙo ke da ita ba. Kusan duk layin da ka shiga za ka samu namu: mai gadi, mai ruwa da kurarsa, mai gyaran takalmi, mai kanti a jikin katanga. Waɗannan su ne ke farke lokacin da kowa ke barci. Ka zauna wajen mai shayi, ka sayi kofi ɗaya, a gaisa, a tambayi mutanen gida. Amma kada ka ce masa, "Malam, nan akwai zaman lafiya?" Zai ce maka lafiya lau alhamdulillahi, don haka muka saba amsawa. Ka ce, "Malam, yaushe rabon da a shigo layin nan da dare?" Ko ka ce, "In yaran nan suka fara rikicinsu, ta ina suke ɓullowa?" Ko kuma, "Wanda ya tashi daga ɗakin can, me ya tayar da shi?" Irin wannan tambaya dole a ba ka labari mai rana da wuri. Idan ya yi shiru, ya dubi hagu da dama kafin ya rage murya, ka lura da wannan ma.

Ka yi sallar isha'i a masallacin layin, ka tsaya bayan sallama ka gaisa da liman ko wani dattijo. A wurare irin Agege, Idi-Araba da Mile 12 akwai sarakunan Hausawa da mutanensu, kuma sun san inda rigima ke tashi. Ka tambayi mutum uku da ba su san juna ba. In maganarsu ta zo ɗaya, ka riƙe ta.

Abin da ya fi tayar da hankali a wasu unguwannin ba ɓarawon dare ba ne, faɗan 'yan ƙungiyoyin asiri ne. Mutanen Agege sun san sunan 'yan Awawa, mutanen Ikorodu ba su manta da Badoo ba a shekarun 2016 da 2017. Irin wannan rikici yakan lafa wata da watanni, sai rana ɗaya ya tashi, shi ya sa ziyara ɗaya ba ta nuna shi. Alamarsa ita ce ka ji mutane na cewa layi kaza da layi kaza ba sa ga maciji. Idan gidan a kan iyakar su biyun yake, ka nemi wani.

Sannan ruwa. Mutumin da ya taso a Katsina ko Sakkwato ba ya sa ambaliya cikin lissafin tsaro, amma a Legas tana ciki. Idan a watan Janairu ka zo neman ɗaki, ƙasa a bushe take, ba za ka ga komai ba sai ka sunkuya. Dubi jikin katanga daga ƙasa. Za ka ga wani layi mai duhu ko kore-kore da ya miƙe a tsayi ɗaya a gidaje da yawa, wannan nan ne ruwa ya tsaya bara. Dubi bakin ƙofofi: in ka ga kowane gida an gina masa ɗan dakali na bulo ɗaya ko biyu da sai an tsallaka kafin a shiga, ba ado ba ne. In kuma ɗakin da za a ba ka an yi masa sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ka shafa ka ji ko da danshi. Ruwan sama ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, sannan wajen Satumba da Oktoba, idan aka saki ruwan madatsar Oyan cikin kogin Ogun, wuraren da ke bakinsa irin su Isheri, Agiliti da Owode Onirin sukan sha ruwa ko sama ba ta zubo ba.

Ka ɗaga kai kuma ka duba ko manyan wayoyin lantarki sun bi ta saman rufin, ka duba ko akwai alamar bututun mai a kusa. Gobarar Abule Egba ta 2006 da fashewar Abule Ado ta 2020 duk a tsakiyar gidajen mutane suka faru. In ka ga jan fenti na hukumar LASBCA a jikin ginin, ka tambayi dalili kafin ka taka ciki, domin ita ce ke sa wa gine-ginen da ke da matsala alama.

Idan layin ya kwanta maka, saura kuɗi. Akwai ejan bogi da ke karɓar kuɗin mutum goma a ɗaki ɗaya ya ɓace. Hukumar LASRERA ce ke yi wa ejan rajista a jihar, ka nemi ya nuna maka shaidarsa. Ka ga mai gidan ido da ido, kuma ka sa maƙwabta su tabbatar maka shi ne. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, sai dai ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ba. Dokar ta kuma wajabta a ba ka rasit. Ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar yarjejeniya, ka sa a rubuta kuɗin tsaro da na shara a ciki, kuma ka ajiye lambobin gaggawa na jihar, 767 da 112, a wayarka tun kafin ka kwaso kaya.