Kuɗin Kwana Sittin: Jawabin Ma'aji a Taron Wata

Mai girma Shugaba, a yi min uzuri, zan ture rahoton kuɗi zuwa ƙarshe, don abin da ke ci min rai tun makon jiya ba zai jira ba.

Ran Talata da daddare wani ƙanenmu ya kira ni. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma wanda ya gane shi ya riƙe a cikinsa. Shekara biyu yana aikin kula da tsofaffi a nan Manchester, bai taɓa fashi ba, ko ran Sallah yana bakin aiki. Sai aka soke lasisin kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarsa. Kun san yadda abin yake: wasiƙa za ta zo daga Ma'aikatar Cikin Gida, a ba mutum kwana 60 ya samo wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara ya bar ƙasar. Bizarsa kuma irin wadda aka rubuta wa ba shi da haƙƙin taɓa tallafin gwamnati ce. Na tambaye shi nawa yake da shi a banki. Ya yi shiru, sannan ya ce fam 43. Shekara biyu, jama'a! Yaron nan ba ya caca, ba ya shaye-shaye, wayar hannunsa ma gilashinta a fashe yake. Kuɗin ya bi ta hannunsa ya wuce ne kawai, shi kansa bai san ta ina ba.

Mun haɗa masa kuɗin haya na wata ɗaya daga asusun jin daɗi, Allah ya saka wa waɗanda suka ƙara daga aljihunsu. Amma wannan shi ne na uku a bana, asusun kuma ba rijiya ba ne. Shi ya sa ni da Sakatare da Hajiya shugabar mata muka zauna muka tsara wata bita ta mako huɗu kan tsarin kashe kuɗi da tanadi, don matasanmu masu aiki.

Ba aji za mu buɗe ba. Mun taɓa kiran lacca ran Asabar, mutum shida suka zo, biyar daga ciki masu furfura ne. Ba raini ba ne ya hana yaran zuwa. Wani ya kwana a bakin aiki, wata an kira ta da asuba ta maye gurbin wadda ba ta da lafiya. Don haka kowane mako saƙon murya ɗaya ne a WhatsApp, da Hausa, bai wuce minti goma ba, sai takarda shafi ɗaya da aiki guda ɗaya tak. Mutum ya saurara a cikin bas, ya yi aikin ranar da yake hutu. In makonsa ya zama kwana goma, ba wanda zai bi shi da bulala. Kuma duk bitar abu ɗaya take nufa: kowa ya san nawa zai riƙe shi kwana 60 in albashi ya tsaya, ya kuma fara tara shi.

A makon farko ba za mu ce wa kowa ya rage komai ba. Dubawa ce kawai. Ka ɗauko takardar albashinka da bayanin banki na wata uku, ka bi su layi-layi da biro. A takardar albashi ka nemo lambar harajinka. Yawancinku `1257L` ya kamata ku gani, ma'ana fam 12,570 na farko a shekara ba a cire musu haraji. In aiki ɗaya kake yi kuma ka ga `BR`, to ana yankar kashi 20 cikin ɗari tun daga fam na farko, sai ka tuntuɓi hukumar haraji ta HMRC a gyara, su mayar maka da abin da ya wuce. Mai aiki biyu kuwa zai iya ganin `BR` a na biyun, wannan ba kuskure ba ne. A wannan takardar za ka ga kuɗin fansho. Wasu na ficewa don albashi ya ɗan yi kauri, sun manta mai aikin ma yana zuba aƙalla kashi 3 a kan naka, in ka fita ka bar masa nasa. Amma babban abin da muke nema a makon nan lamba ɗaya ce: cikin watannin ukun, wane ne mafi ƙarancin abin da ya shigo?

A nan ƙanenmu ya faɗa rami. Mai aikin da ake biya da awa ba shi da albashi ɗaya. Watan da aka samu ƙarin aiki ya karɓi fam 1,750, watan da aka rage ya karɓi 1,400. Shi kuma sai ya ɗora rayuwarsa a kan 1,750, haka ya gaya wa gida, haka ya gaya wa kansa. Duk watan da ya zo da 1,400 sai giɓin ya koma kan katin bashi, ko kan kayan nan na ɗauka yau ka biya kashi uku.

Mako na biyu shi ne na rabo, kuma a kan ƙaramin watan za a yi shi. Bari in ba ku misalin da ke cikin takardar, na mai ɗaki ɗaya a gidan haɗaka. Haya da wuta da ruwa fam 550, mota 80, waya 25, abinci 200. Wannan ya kama 855, shi ne abin da in babu shi ba zama. Sai aiken gida 250, kuɗin ƙungiya 10, eh, na sa shi, kada ku yi min dariya. Sai abin da kowa ke mantawa, wato kashe-kashen da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Tikitin zuwa gida a ce 900, ragon layya da ɗinkin Sallah na mutanen gida a ce 300. Jimla 1,200, a raba gida goma sha biyu, fam 100 ke nan duk wata. Ragon layya ba ba-zata ba ne, tun bara mun san yana tafe. An haɗa duka ya zama 1,215. A cire daga 1,400, saura 185. Fam 100 tanadi, 85 na aljihu, don wanda aka hana shi ko ɗan tsire ba zai wuce wata biyu a kan tsarin ba.

To kuɗin kwana 60 na wannan mutumin nawa ne? 855 sau biyu, fam 1,710. Da ɗari-ɗari zai ɗauki wata goma sha bakwai da ɗoriya, abin da zai karya wa yaro gwiwa. Amma watan 1,750 yana da rarar 350. In ya tura rabinta can, kuma rabin watanninsa masu kyau ne, kafin wata goma ya cika ya haɗa. Da ƙanenmu ya fara haka tun shekararsa ta farko, da ran Talatar nan neman aiki kawai zai dame shi, ba mai gidan haya ba.

Mako na uku gajere ne, aikin hannu ne. Ka buɗe asusu na biyu, ka bar katinsa a akwati, ka shiga manhajar bankinka ka kafa `standing order`, wato umarnin banki da zai kwashe fam 100 ɗin washegarin ranar albashi. In ka ce sai abin da ya rage a ƙarshen wata, wallahi babu abin da zai rage. Masu gudun ruwa su zaɓi asusun da ba ya ba da riba, ko na bankin Musulunci. Adashe kuwa, Hajiya, na san za ki harare ni. Adashe yana da kyau don tikiti ko lefe, ni ma ina ciki. Amma ba kuɗin rana tsaka ba ne, don ranar da wasiƙa ta zo wataƙila kwasarka saura wata biyar, kuma zubi na nan a wuyanka. Wanda bashi ya riga ya kai masa wuya kuwa, makon nan zai tura shi StepChange ko Citizens Advice, kyauta suke ba da shawara. Mu ba masana bashi ba ne, ba za mu yi shisshigi ba.

Mako na huɗu shi ya fi ba mu wahalar tsarawa, har muka yi saɓani da Sakatare. Maganar gida ce. Ni ma uwa gare ni a Funtuwa, in ta ce "Allah ya yi maka albarka" a waya, sai in ji kamar in aika duk abin da na mallaka. Ba wanda zai tsaya a nan ya ce a daina aike, don shi muka bar garuruwanmu muka zo muna shan sanyi. Amma da muka bi bayanin bankin ƙanenmu, aike goma sha ɗaya muka ƙirga a wata ɗaya. Talatin nan, hamsin can, suna, biki, kuɗin makarantar ɗan wan uba. Ba guda ɗaya da ya yi yawa, haɗuwarsu ce ta cinye shi. Mutanen gida suna jin fam sai su buga da naira, ko sefa, ko sidi, su ga dutse. Ba su ga haya ba. Aikin makon shi ne ka tsayar da adadi ɗaya da rana ɗaya, ka zaɓi mutum ɗaya a gida wanda komai zai bi ta hannunsa, sannan ka kira ka faɗa musu cikin ladabi. Hajiya ta yarda za ta naɗi misalin yadda ake gaya wa mahaifi haka ba tare da an ɓata masa rai ba, don ta fi mu iya lafazi.

Inda irin wannan bita ke mutuwa na sani. Kowa zai saurari na farko, a mako na biyu, lokacin da lambobi suka fara ba mutum kunya, sai a ji tsit. Don haka kowane mai shiga za a haɗa shi da abokin tafiya ɗaya, namiji da namiji, mace da mace. Ba zai ga kuɗinka ba, ni ma ba zan gani ba, kwamiti ma haka. Abin da za ka aika masa kawai shi ne "na gama na biyu". In kwana goma ya wuce bai ji ka ba, ya kira. Kuma bayan wata uku tambaya ɗaya za mu yi don mu san ko mun yi aikin banza: umarnin nan na banki yana nan, ko an soke shi?

Rahoton kuɗi, da sauri. An biya zauren nan har ƙarshen shekara, lissafin walimar Sallah yana wurin Sakatare ga mai son gani, asusun jin daɗi kuwa ya kusa ganin ƙasa. Mutum 31 ba su biya kuɗin wata ba tun Afrilu. Fam goma ne, 'yan'uwa. Da irin waɗannan goma-goman aka biya hayar yaron nan, kuma kwanakinsa suna ta tafiya muna zaune a nan. Duk wanda ya san gidan kula da tsofaffi mai lasisi da ke ɗaukar ma'aikata, don Allah ya same ni kafin ya fita, kada ya bari sai gobe.

Takarda biyu ce a bakin ƙofa, ɗaya ta masu shiga bitar, ɗaya ta abokan tafiya. Muna neman mutum takwas a ta biyun, kuma Alhaji, da izininka, na riga na rubuta sunanka a sama. Saƙon farko zai fita ran Litinin bayan sallar isha'i.