Fodkas daga Damagaram: Teburin wasan ƙwallon kwando, wa ke riƙe da me?

Hajiya: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Yau muna tare da Kawu da kuma Auta. Wasannin makarantu sun matso, an ɗora wa Auta rubuta takardar da za a raba wa masu aikin sa-kai ranar wasan ƙwallon kwando, kowa ya san abin da zai riƙe. Auta, karanta mana abin da ka rubuta.

Auta: To Hajiya, ga shi. Mai agogo ya kula da lokaci. Mai rubutu ya rubuta maki. Masu tsaron fili su tabbatar an yi wasa cikin tsari.

Kawu: Shi ke nan?

Auta: Shi ke nan, Kawu. Na ga gajeruwa ta fi, yara ba sa karanta doguwa.

Kawu: Gajarta ba laifi ba ce. Amma ka miƙa wa ɗan lise wannan takarda, ka damƙa masa kurono, sa'an nan alƙali ya jefa ƙwallo sama. Yaushe zai danna? Takardar ba ta faɗa masa ba. Bayanin aiki na ranar wasa abu uku yake amsawa: me zan gani, me hannuna zai yi in na gan shi, kuma mene ne ba nawa ba.

Hajiya: To mu fara da agogon. Yaushe zai danna ɗin?

Kawu: A dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wasa kashi 4 ne, kowane kashi minti 10, amma minti 10 na wasa tsantsa, agogo na tsayawa yana tashi. A farkon wasa ba lokacin da alƙali ya jefa ƙwallo ake tayar da shi ba, sai ɗaya daga cikin masu tsallen ya taɓa ta. In an jefo ƙwallo daga wajen layi, sai ta taɓa ɗan wasa a cikin fili. In jifar kyauta ta ƙarshe ba ta shiga ba, sai ta dawo ta taɓa wani. Tsayarwa kuwa, da jin usur ɗin alƙali.

Auta: Ke nan dai ya bi usur.

Kawu: Wajen tsayarwa ya bi kunnensa, wajen tayarwa ya bi idonsa. Alƙali yana ɗaga hannu sama in agogo na tsaye, in ƙwallo ta taɓa ɗan wasa sai ya saro hannun ƙasa. Wannan sarar yaron zai kalla. Sabon shiga yana danna kurono tun ƙwallo na hannun mai jefowa, ka ga kowace jifa ta ci daƙiƙa biyu ko uku.

Hajiya: Daƙiƙa biyu kuwa wa zai damu da su, Kawu?

Kawu: A kashin farko ba wanda zai waiwaya. Bari in kai ki kashi na huɗu. A duk tsawon wasa in ƙwallo ta shiga kwando agogo ba ya tsayawa don shigarta kaɗai. Amma da zarar saura minti 2 ko ƙasa da haka kafin ƙarewar kashi na huɗu ko ta ƙarin lokaci, to duk ƙwallon da ta shiga sai a tsayar, ba tare da an busa usur ba. Nan ne yara ke faɗawa, don tun ɗazu hannunsu ya saba jiran usur. A ce saura daƙiƙa 20, ƴan Birni suka jefa ta shiga, suka wuce ƴan Zango da maki ɗaya. Ƙwallo ta gangara, ɗan Zango ya bi ta, ya ɗauko, ya tsaya bayan layi yana neman wanda zai ba. In agogo na tafiya, daƙiƙa 6 ko 7 sun tafi a banza. Ƴan Zango da ya kamata su kai hari da 20, sai su kai da 13.

Auta: Kuma mai horar da su yana da tasa wayar a hannu yana ƙirga.

Kawu: Shi zai fara isowa tebur yana kumfar baki.

Hajiya: Amma Kawu, galibin filayenmu na unguwa da na makarantu ba su da allon lantarki. Ko akwai, wuta na iya ɗaukewa. Kurono ne na hannu, shi kuma sama yake ƙirgawa, ba ƙasa ba.

Kawu: Madalla da kika kawo wannan. In kurono na hawa daga sifiri zuwa 10, to "saura minti 2" a fuskarsa 8:00 ne. Auta, ka rubuta wannan lambar ƙuru-ƙuru a takardarka, kada ka bar yaro yana lissafi a ka ana ihu a bayansa. Kuma kurono biyu za a tanada. Ɗaya na wasa, ɗaya na hutun da mai horarwa ke nema, wanda minti guda ne, ana busa sanarwa a daƙiƙa 50. Da na biyun ake auna minti 2 na tsakanin kashi da kashi, da minti 15 na hutun rabin lokaci. Wanda ya auna hutu da kuronon wasa ya share lokacin wasan ke nan.

Auta: Waya fa? Kowa na da kurono a wayarsa.

Kawu: In dole ta sa, a sa ta yanayin jirgin sama, a hana fuskarta mutuwa. In ba haka ba gwaggo za ta kira daga Mirriya ana tsaka da wasa. A zafin watan Afrilu kuma a ɓoye ta daga rana, don waya in ta ɗau zafi takan dushe fuska.

Hajiya: To mai rubutu. Ni a ganina aikinsa ya fi sauƙi, yana zaune ne da bik.

Kawu: Shi ne ma ba ya kallon wasa ko kaɗan. Takardar da ke gabansa ita ce shaida. In allo da takarda suka saɓa, aka duba aka ga takarda daidai take, allo ake gyarawa. Bik biyu zai zo da su, ja na kashi na ɗaya da na uku, shuɗi ko baƙi na biyu da na huɗu, don in an koma baya a gane a wane kashi abu ya faru. Akwai jerin lambobi da aka riga aka buga na jimillar maki. In an ci biyu, ya ja karkataccen layi kan sabuwar jimilla, ya rubuta lambar rigar wanda ya ci a gefe. In uku ne, ya kewaye lambar rigar. In jifar kyauta ce, ɗigo baƙi zai yi kan jimillar.

Auta: Kawu ku ba mu misali da saɓanin, don shi nake tsoro.

Kawu: To. Yaron allo ya rubuta 58 da 57, takarda na cewa 57 da 57, saura minti uku. Mai rubutu ya lura. Abu na farko, ba zai busa ba ana cikin wasa, sai ƙwallo ta mutu sa'an nan ya kira alƙali. Sai a bi jerin baya. A jimilla ta 43 an ja layi, layi na gaba yana kan 45, lamba 7 a gefe, ba a kewaye ta ba. Allo kuwa daga 43 ya tafi 46. Abin da ya faru, lamba 7 ya yi jifa daga nesa, ƴan kallo suka ɗauki ihun uku, yaron allo ya bi ihu. Alhali ƙafarsa na kan layin, kuma taka layi biyu ne. Alƙali bai ɗaga hannuwa biyu ba, wanda shi ne alamar uku ta shiga.

Hajiya: Yaya za a yi kada a kai minti uku na ƙarshe kafin a gano?

Kawu: Baki. Duk ƙwallon da ta shiga, mai rubutu ya furta a ji: lamba 7, biyu, 45 da 43. Na allo ya maimaita masa jimillar. In an saba da haka, kuskure ba ya wuce ƙwallo ɗaya. Kuma a yi gyara da wuri, don da zarar babban alƙali ya sa hannu a takarda bayan wasa, ba sauran gyara.

Auta: Laifuffuka ma shi ke rubutawa?

Kawu: Shi ne. Ɗan wasa ya cika laifi 5 ya fita, kuma tebur ne ke sanar da alƙali nan take, alƙali ba ya ƙirga a kansa. Ƙungiya kuma in ta tara 4 a kashi guda, sai a kafa jar alama a gefen teburin da ke wajenta, don laifin tsaro na gaba jifar kyauta biyu ce. Ka rubuta sunan wanda zai ɗaga alamar, mai agogo ko mai rubutu, tun kafin wasa. Abin da aka bar wa "tebur" kawai, kowa sai ya zata na kusa da shi zai yi.

Hajiya: Ni bari in yi maganar masu tsaron fili, don shi na fi yi. Jumlar Auta ta "cikin tsari" ba ta gaya mini inda zan tsaya ba. Doka na son mita 2 daga layi ba komai a wurin, mu kuwa yara suna zaunawa har ƙafarsu na kan layi. Saboda haka a ba kowa gefensa, a ja igiya ko a zana da toka, ya tsaya ya ba wasa baya yana fuskantar jama'a. Mutum ɗaya kuma aikinsa bayan tebur ne kaɗai, kada kowa ya leƙo yana tambaya saura nawa. Wani ya riƙe ƙofa, kada a jera babura a toshe ta, don in wani ya faɗi da zafin rana ta nan za a fitar da shi.

Auta: In faɗa ya tashi fa, Hajiya?

Hajiya: Nan ne "ba nawa ba" na Kawu ya shigo. Mai sa-kai ba ya dukan kowa, ba ya riƙe dorina, ba ya gardamar hukunci da ɗan kallo. Ya yi magana sau ɗaya da ladabi, in ba a ji ba ya kira shugaban shirya wasan, shi ne zai nemi jami'an tsaro. Don haka lambar wayar shugaban ta kasance a saman takardar.

Kawu: Haka na tebur. In mai horarwa ya zo yana cewa laifin nan ba na yarona ba ne, amsar ɗaya ce, abin da alƙali ya nuna na rubuta, je ka wurinsa. Kuma ko ƙanenka ne ya ci, ba tafi a tebur.

Auta: Wannan ta ƙarshen za ta yi wa ƴan ajinmu wuya. To lokacin zuwa, in sa ƙarfe nawa?

Kawu: Masu horarwa na miƙa jerin sunaye minti 40 kafin wasa, su tabbatar da biyar ɗin farko saura minti 10. Ka ce a zo awa guda kafin a fara. In wasan bayan la'asar ne, a shirya tebur a gwada kurono tun kafin a tafi salla. Ka ƙara da dutse ko allon matse takarda, don iskar hunturu ba ta barin takarda a tebur.

Auta: Ke nan takarda uku zan yi, kowane aiki da tasa, shafi guda-guda.

Hajiya: Ka kawo su mako mai zuwa, mu ba wanda bai taɓa zama a tebur ba ya karanta, mu ga inda zai tsaya ya yi tambaya. Masu saurare, sai mun sake haɗuwa.