Ciniki Ya Ƙaru, Riba Ta Ragu: Tambayar Mai Injin Shinkafa a Kura

Assalamu alaikum ɗalibai, barkanmu da warhaka. Kowa ya ɗauko biro da takarda, yau tambaya ɗaya za mu warware, irin wadda ake bugo muku guntun lissafin wani ɗan kasuwa a ce ku fitar da kason ribarsa, sannan ku ba shi shawara.

Tambayar ta ce wani mutum a Kura yana sayen shinkafa shanshera, ya gyara a injinsa, ya sayar. Ga lissafinsa, ku rubuta. A 2023 ya yi cinikin naira 4,000,000, kuɗin kayan da ya sayar naira 3,000,000, ɗawainiya naira 400,000. A 2024 ciniki ya kai naira 6,000,000, kuɗin kaya naira 4,800,000, ɗawainiya naira 720,000. A cikin ɗawainiyar 2024 ɗin, dizal da gyaran inji sun ci 360,000, leburori 240,000, haya 120,000.

To, mu fara da ribar farko, wato a cire kuɗin kaya daga ciniki. A 2023 miliyan 1 ta rage, a 2024 kuma 1,200,000. Daga nan a cire ɗawainiya, abin da ya saura shi ne tsantsar riba: 600,000 a 2023, sai 480,000 a 2024. Kun gani? Ciniki ya ƙaru da miliyan 2, amma abin da ya shiga aljihunsa ya ragu da 120,000.

Yanzu kason riba. Ƙa'idar ita ce riba a raba da ciniki, a ninka sau 100. Ribar farko a 2023, miliyan 1 a raba da miliyan 4, kashi 25 cikin 100. A 2024, 1,200,000 a raba da miliyan 6, kashi 20. Tsantsar riba kuwa daga kashi 15 ta faɗo kashi 8.

Ku tsaya nan, don akwai tarko. Wani zai raba 1,200,000 da kuɗin kaya, wato 4,800,000, ya samu kashi 25, ya ce ai babu abin da ya canza daga bara. Wannan abin da aka ɗora a kan kuɗin saye ya auna, ba shi aka tambaya ba. Muddin kason riba ake nema, ciniki ne a ƙasa. In kana kokwanto, ninka kason da ka samu da ciniki: kashi 25 na miliyan 6 zai ba ka 1,500,000, alhali ribar 1,200,000 ce, ka ga da sake.

Sai shawara, inda maki ya fi zubewa. Kada ka rubuta wa mai dubawa cewa mutumin ya ƙara ƙoƙari ko ya rage kashe kuɗi, wannan kowa ma zai faɗa. Ka nuna inda kuɗin ya bi. A kowace naira 100 ta ciniki, bara kaya sun ci 75, ɗawainiya 10, ya tsira da 15. Bana kaya sun ci 80, ɗawainiya 12, ya tsira da 8. Naira 7 ta ɓace, 5 daga ciki wajen sayen shanshera ta tafi. Ashe can ciwon yake.

Mu gwada. Da zai tsuke dizal da gyara da kashi 10, naira 36,000 kacal zai ceto. Amma in ya rage kuɗin kaya da kashi 5, ya ceto 240,000, tsantsar riba ta koma 720,000, kashi 12 ke nan. Ta yaya? Ya sayi shanshera da kaka, kai tsaye daga manoma, lokacin da take araha. Sai dai ka faɗi haɗarin: jarinsa zai kwanta a sito, kuma in shinkafar ba ta bushe sosai ba za ta yi fumfuna, ta kakkarye a inji.

Wani zai ce me zai hana ya ƙara farashi? A takarda yana da daɗi, ƙarin kashi 5 zai kai ciniki 6,300,000, riba 780,000, kashi 12 da ɗoriya. To amma Kura gari ne na masu injin shinkafa, mai saye in ya ji tsada sai ya taka gaba kaɗan. Ni dai da ni ke amsawa, zan kawo duka biyun, in zaɓi gyara saye, in kafa hujja da waccan naira 5.

Aikin gida: ku ɗauka ya rage kuɗin kaya da kashi 5, amma haya ta ƙaru da 60,000 saboda sito. Ku fitar min da sabon kason tsantsar riba kafin darasi na gaba. Sai an jima.